Lissafin da Ya Zo Mini a Hoto Bayan Isha'i

Bayan sallar isha'i ina shirin kwanciya hoton ya shigo wayata. 'Yar ƙanwata ce, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ta ari wayar mahaifiyarta. A ƙasan hoton ta rubuta: "Kawu don Allah duba mini, na samu 13 amma ƙawata ta ce ba haka ba ne, kuma gobe za a karɓa."

Na yi shekaru ina koyar da lissafi kafin na koma wata sana'ar, shi ya sa duk wani aikin gida da ya gagara a danginmu, ni yake nema. Na buɗe hoton, na ƙara girmansa da yatsu biyu, amma a banza. Babu wuta a unguwarsu, da tocila aka haska littafin, hasken ya taru a tsakiya ya wanke rabin rubutun. Shafin ya lanƙwashe wajen ɗinki, ga inuwar hannunta ta kwanta a gefen hagu. Na ga 2x, na ga wani abu mai kama da 1 ko 7, na ga 3 a ƙasa. Abin da ban gani ba shi ne tsawon layin da ya raba sama da ƙasa, kuma shi na fi buƙata.

Tsawon layin nan ba ado ba ne. Idan ya miƙe tun daga ƙarƙashin 2x har ƙarƙashin 1, yana nufin a fara ɗebe 1 daga 2x, abin da ya rage shi za a raba uku. Idan kuwa ƙarƙashin 1 kaɗai ya tsaya, to 2x yana zaman kansa, sulusi ɗaya tak za a ɗebe masa. Tambayoyi biyu ne daban, amsoshinsu ma daban. Daga baya na gwada karatu na biyun don jin daɗi, ya kai ni ga 21 bisa 19, abin da ko kusa da amsar gaskiya bai yi ba. Don haka ban taɓa biro ba. Na ce mata ta danne littafin ya kwanta sosai, wani ya riƙe tocilar daga gefe, ita kuma ta ɗauka daga sama kai tsaye, tambayar nan ɗaya kawai. Hoto na biyu ya fito tas.

Na kwafe tambayar a takarda, sannan na rubuta mata ita a waya don ta tabbatar mun karanta abu ɗaya:

(2x − 1)/3 − (x − 3)/4 = (x + 1)/6 + 2

Ta ce, "Kawu, a littafin babu waɗannan bakan." Na ce haka ne, a littafi dogon layi ne yake aikin ɗaure na sama wuri guda. Da zarar an mayar da lissafin layi ɗaya irin na waya, dogon layin ya ɓace, dole baka ta karɓi aikinsa. Wanda ya rubuta 2x − 1/3 alhali yana nufin (2x − 1)/3 ya canza tambayar tun kafin ya fara. Na ce ta riƙe bakan nan da kyau, za su yi mana rana nan gaba kaɗan.

Sai na kira ta, don irin wannan ba ya yiwuwa da rubutu kaɗai. Na tambaye ta me ake nema. Ta ce x. Na ce mene ne x ɗin? Ta yi shiru. Na ce lamba ce guda ɗaya da aka ɓoye mana, wadda idan aka ajiye ta duk inda harafin x yake, abin da ke hagu da alamar = zai yi daidai da abin da ke dama. Kamar sikelin mai nama ne mai faranti biyu da ya tsaya cak. Doka ɗaya ce a aikin gaba ɗaya: abin da kika yi wa farantin hagu, ki yi wa na dama. Ƙari ne, ɗebewa ce, ninkawa ce ko rabawa, muddin an yi wa duka biyun, sikelin ba zai karkata ba.

Ta ce malaminsu ya koya musu ninkawa a gicciye, na saman hagu da na ƙasan dama, na saman dama da na ƙasan hagu, ko shi za mu yi? Na ce dabarar tana da kyau, amma tana da wurinta. Tana aiki ne idan abu ɗaya tak mai sama da ƙasa ke hagu, ɗaya tak ke dama, kamar (x + 1)/2 = (x + 4)/3. A nan hagu yana da biyu, dama yana da ɗaya da kuma 2 a tsaye. Wa za a gicciya da wa? Wanda ya tilasta ta a irin wannan wuri, wani abu zai bari a baya.

Abin da ya sa tambayar ta yi kama da dodo shi ne lambobin ƙasa: 3 da 4 da 6. Ɗaya sulusi ne, ɗaya rubu'i, ɗaya sudusi, kuma ba a haɗa su kai tsaye, kamar yadda ba a haɗa mudu uku da tiya biyu a ce biyar. Aikin farko shi ne a kore su gaba ɗaya. Ana yin haka ne da ninka komai da lambar da dukkansu ukun za su shiga cikinta ba tare da saura ba.

Na ce ta fara da babbarsu, 6, ta riƙa hawa. Uku tana shiga 6 sau biyu, amma huɗu ba ta shiga. Ta hau zuwa 12. Uku sau huɗu, huɗu sau uku, shida sau biyu. Ta ce, "Au, LCM ke nan." Na ce shi ne, haka littafinku ke kiransa, ma'anarsa dai mafi ƙanƙantar lambar da duka za su raba.

A nan na ɗan kauce hanya, don na san mahaifinta yana zama wajen rabon gado. Malaman gado sun daɗe suna wannan aikin. Idan a cikin magada akwai mai rubu'i ga kuma mai sulusi ko sudusi, sukan ce asalin mas'alar daga goma sha biyu take, sai a kasa dukiyar kashi 12, mai rubu'i ya ɗauki uku, mai sulusi huɗu, mai sudusi biyu, kowa da cikakkiyar lamba. Sha biyun da suke nema ita ce muka samu yanzu, kuma dalilin ɗaya ne.

Ta tambaya, idan mutum ya kasa gano 12 fa? Na ce ya ninka ukun gaba ɗaya, 3 sau 4 sau 6, ya samu 72. Ita ma za ta kai shi gida, sai dai da kaya masu nauyi, zai riƙa fama da 48x da 144 maimakon 8x da 24. Ba laifi ba ne, wahala ce kawai, kuma manyan lambobi sun fi jawo kuskure.

Kafin mu ninka na ce ta ƙirga gutsattsarin da ke cikin lissafin, wato abubuwan da alamar + ko − ko = ta raba a wajen baka. Ta ce uku. Na ce ta sake dubawa. Ta ce, "Har da 2 ɗin?" Har da ita mana. Huɗu ne, kuma kowanne sai ya samu 12 ɗinsa:

12 × (2x − 1)/3 − 12 × (x − 3)/4 = 12 × (x + 1)/6 + 12 × 2

Wannan 2 da ke zaune a ƙarshe ita ce marainiyar lissafin. Ba ta da lamba a ƙasa, sai ɗalibi ya ga ai babu ruwanta, ya bar ta yadda take. Amma tana kan farantin dama, kuma mun ce farantin gaba ɗaya muke ninkawa. Idan aka ninka duk abin da ke hagu sau 12, aka bar wani abu a dama bai ninku ba, sikeli ya karkace. Wanda ya manta da ita a wannan tambayar zai ƙare da −1/3.

Yanzu sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya. A gutsure na farko, 12 tana sama, 3 tana ƙasa. Sha biyu a raba uku, huɗu. Ta ce ba ta gane yadda 3 ta ɓace ba, na ji daɗin tambayar, don da yawa haddacewa kawai suke yi. Na ce ta ɗauka (2x − 1) burodi ne guda. An yanka shi uku, an ba ki yanka ɗaya. Yanzu an ba ki irin wannan yankan har guda goma sha biyu. Kowane yanka uku burodi ɗaya ne cikakke, to burodi nawa ke hannunki? Ta ce huɗu. Shi ke nan, 4(2x − 1). Da wannan hanyar, rubu'i goma sha biyu sun zama uku, sudusi goma sha biyu sun zama biyu, sai 12 sau 2 ya ba da 24:

4(2x − 1) − 3(x − 3) = 2(x + 1) + 24

Babu sauran sama da ƙasa. Na ce ta ja layi a nan ta numfasa, rabin aikin ya wuce.

Buɗe baka shi ne na gaba. Lambar da ke bakin ƙofa tana ninka duk wanda ke ciki, ba na farko kaɗai ba. Huɗu sau 2x, 8x. Huɗu sau −1, −4. Ta yi wannan ba gargada. Na dama ma haka: 2x da 2. Sai muka zo kan na tsakiya, na ce ta faɗa mini abin da ta rubuta a nata aikin na farko. Ta duba ta ce, "−3x − 9."

Ga inda 13 ta fito.

Abin da ke bakin ƙofar baka ta biyu ba 3 ba ce, −3 ce. Alamar ɗebewar da ke gabanta tata ce, tare suke shiga. −3 sau x ya ba da −3x, wannan ta yi daidai. Amma −3 sau −3 yana ba da +9. Ta ce ta san an ce ɗebewa biyu suna zama tarawa, amma a ranta ba ta yarda ba, ta yaya za a ɗebe abu kuma ya ƙaru?

Na ce to mu je kasuwa. Kina da naira 2000. Kin taya kaya na 700, mai kayan ya yi miki ragin 300. Nawa za ki biya? Ta ce 400. Nawa ya rage a hannunki? 1600. Na ce rubuta shi: 2000 − (700 − 300). Yanzu buɗe bakar yadda kika yi ɗazu, 2000 − 700 − 300. Ta lissafa ta ce 1000. Ta yi dariya ta ce an cuce ta. Na ce ke kika cuci kanki, kin biya cikakken kuɗi sannan kin sake biyan ragin da aka yi miki. Idan kin fara miƙa 700, to ɗari ukun dawo miki da ita za a yi: 2000 − 700 + 300, shi ne 1600. Ɗebe abin da aka riga aka rage masa wani abu, wannan ragin a aljihunki yake komawa. Haka −3(x − 3) yake, ana ɗebe x uku, ana dawo da tara.

Na kuma nuna mata cewa kuskuren ba daga nan ya faro ba. A aikinta na farko ba ta sa baka ba ko ɗaya, daga tambayar ta yi tsalle zuwa buɗaɗɗen layi, shi ya sa alamar ɗebewar ta taɓa x kaɗai ta bar 3. Layin nan mai baka da ɗalibai ke ganin ɓata takarda ne, a ganina shi ne layi mafi daraja a aikin duka. Ni da na shekara da shekaru a kai, har yau ba na tsallake shi.

Da muka gyara, layin ya zama:

8x − 4 − 3x + 9 = 2x + 2 + 24

Sai tattara dangi, kowane gefe da nasa, ba tare da an taɓa ɗaya gefen ba tukuna. A hagu, 8x a ɗebe 3x, saura 5x. Sai −4 da +9: ana binki huɗu, kin samu tara, kin biya, saura biyar. A dama, 2 da 24 sun zama 26.

5x + 5 = 2x + 26

Daga nan hanya ta miƙe. Muna so masu x su koma gefe ɗaya, lambobi tsura su koma ɗayan. Ta ce, "Sai 2x ya tsallaka ya zama −2x." Haka ake faɗa a aji, kuma amsar tana fitowa, amma ba na son maganar ga mai koyo. Babu abin da ke tsallakawa. Abin da ake yi shi ne ɗebe 2x daga faranti biyun. A dama ya share wanda ke wurin, a hagu ya rage 5x zuwa 3x. Wanda ya haddace "tsallaka ka canza alama" ba tare da sanin wannan ba, shi ne gobe zai ga 3x = 21 ya tsallakar da 3 ta zama −3, ya rubuta 18. Na sha ganin haka a takardun jarrabawa. Kalmar aljabara kanta daga Larabci take, al-jabr, sunan da malamin nan Al-Khwarizmi na Bagadaza ya ba irin wannan gyaran gefe biyu tun ƙarni na tara, kuma asalin ma'anarta ɗori ne, irin na karaya.

5x − 2x + 5 = 2x − 2x + 26

3x + 5 = 26

Sai mu ɗebe 5 daga kowane gefe:

3x = 21

Tsakanin 3 da x ninkawa ce, ko da ba a rubuta alamarta ba, kuma abin da ke warware ninkawa shi ne rabawa. A raba gefe biyun da 3:

x = 7

Ta ce, "Bakwai ƙawata ta samu!" Har ta fara godiya za ta kashe waya. Na ce tsaya, 'yata, ba mu gama ba. Ƙawarki ma tana iya yin kuskure, ni ma haka. Ɗazu 13 ta fito miki cikakkiyar lamba mai kyan gani, shi ya sa kika yarda da ita. Kyan amsa ba shaida ba ne. Shaida ita ce a mayar da lambar cikin tambayar asali, wadda ke cikin hoton, ba cikin wani layi na tsakiya da muka rubuta da hannunmu ba, don idan kuskuren yana sama da layin, gwajin ba zai kama shi ba.

Muka fara da hagu. Biyu sau 7, 14, a ɗebe 1, 13, ke nan 13/3. Sai 7 a ɗebe 3, 4, a raba huɗu, 1. Ɗaya kuwa sulusi uku ne, don haka 13/3 a ɗebe 3/3 ya bar 10/3. A dama, 7 da 1, 8, ke nan 8/6, wanda idan aka rage shi ya zama 4/3. Biyu cikakku sulusi shida ne, 4/3 da 6/3 sun haɗa 10/3. Hagu 10/3, dama 10/3. Sikeli ya tsaya.

Na ce yanzu ta gwada 13 ɗinta da kanta, ni zan yi shiru. Na ji ƙarar biro a kan takarda, da muryar ƙanenta yana cewa a ba shi tocilar. Hagu ya ba ta 25/3 a ɗebe 10/4. Ta ɗan tsaya a nan, sai ta tuna da 12, ta mayar da su 100/12 da 30/12, saura 70/12. Dama ya ba ta 14/6 da 2, wato 28/12 da 24/12, jimla 52/12. Saba'in a hagu, hamsin da biyu a dama. Na ce ta ɗebe ta gani. Ta ce 18. Na ce tsakanin −9 da kika rubuta da +9 da ya kamata, tazarar nawa ce? Ta ƙirga ta ce 18. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kawu, wallahi shi ne."

Gwajin nan bai kai minti biyu ba, kuma da ta yi shi tun farko, da ba ta buƙaci ƙawarta ko ni ba don ta san 13 ba ta zauna ba. Ba kullum ne ratar za ta nuna wurin kuskure ƙarara haka ba, amma kullum za ta nuna cewa akwai shi. Idan gefe biyun suka ƙi haɗuwa, na ce ta fara leƙa wurare uku kafin ta goge komai: ko ta kwafi tambayar daidai, ko akwai gutsuren da bai samu ninkinsa ba, ko akwai alamar ɗebewa a bakin wata baka. A irin wannan lissafin, mafi yawan ɓarnar da na gani a nan take kwana.

Na hana ta kwafar hoton takardata. Na ce ta rufe komai, ta buɗe sabon shafi, ta yi shi daga farko, kowane mataki a layinsa, alamar = ɗaya kawai a kowane layi, ta turo mini. Wajen ƙarfe goma saura hoton ya shigo, a miƙe wannan karon, tocila daga gefe. Layi takwas, bakan suna nan, 24 tana nan, +9 ta zagaye shi da jan biro. A ƙasa ta ƙara wata tambayar daga shafin, mai 2 da 5 a ƙasa, ta rubuta 10 a gefenta da alamar tambaya. Na amsa mata cewa goman ta yi, ta ƙirga gutsattsarin kafin ta ninka, sauran kuma sai da safe.